Yadda Ake Tabbatar da Bambancin Awon Jini Tsakanin Hannun Dama da na Hagu

Mutum ya ɗaura na'urar awon hawan jini a hannun dama ta nuna masa 156, ya mayar da ita hagu ta nuna 134. Yawanci abin da zai fara cewa shi ne na'urar ta lalace, ko batirinta ya yi sanyi. Wani kuwa sai ya riƙe ƙaramar lambar, domin ita ta fi yi masa daɗin ji. Duka biyun kuskure ne. Bambanci irin wannan ko dai daga yadda aka yi awon ya fito, ko kuwa akwai wani abu a jijiyar da ke kai jini hannun da ya nuna ƙaramar lamba. Ana iya raba waɗannan biyun a gida cikin minti ashirin, da na'ura guda da takarda da biro.

Lambar da ake dubawa

Na'ura tana ba da lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. A fuskarta an rubuta SYS kusa da ta sama, DIA kusa da ta ƙasa, ma'aunin kuma mmHg ne. A zancen bambancin hannu, ta sama ake bi. A cire ƙaramar daga babbar, abin da ya rage shi ne tazarar.

Hannaye biyu ba sa cika zuwa daidai wa daida, ko a jikin mai cikakkiyar lafiya. Tazarar da ba ta kai 10 ba, ba abin damuwa ba ce. Daga 10 zuwa 15 wuri ne na sa ido: a maimaita, in ta tsaya a gaya wa likita a ganin gaba. Abin da ya haura 15 kuma ya ƙi sauka bayan an maimaita, shi ake kai wa asibiti takanas. Ƙa'idar da hukumar NICE ta Birtaniya ta fitar a 2019 ta ce a auna hannu biyu lokacin da ake neman tabbatar da hawan jini, in tazarar ta wuce 15 a sake, in ta tsaya a haka a riƙa auna hannun da ya fi yawa daga nan gaba. Wani babban nazari da masana a Jami'ar Exeter suka jagoranta, wanda ya tattara bayanan mutum sama da 50,000, ya nuna cewa haɗarin ciwon zuciya da na mutuwa yana ƙaruwa yayin da tazarar ke faɗaɗa, kuma suka ba da shawarar a ɗauki 10 a matsayin iyaka. Shi ya sa za ka ji wani likita ya ce 10, wani ya ce 15. Ba saɓani ba ne sosai, ɗaya ya fi ɗaya saurin ɗaga kai ne kawai.

Shiri kafin a ɗaura

A nan ne yawancin tazarar ƙarya take shigowa, don haka a yi haƙuri da tsawon bayanin.

Minti talatin kafin awo kada a ci goro, kada a sha shayi mai kauri ko kofi ko lemon ƙara kuzari, kada a sha taba. A je a yi fitsari, domin cikakkiyar mara tana ɗaga lamba. Sannan a zauna minti biyar ba magana, ba waya. Wanda ya sauko daga motar haya ta danfo bayan awa biyu cikin cunkoson hanyar Oshodi zuwa Agege a Legas ya faɗa kemis ya miƙa hannu, jininsa yana sama a awon farko, yana sauka a na biyu. In an fara da dama aka koma hagu, sai a ga kamar dama ta fi, alhali hutawa ce ta sauke lambar tsakanin awon biyu. Wannan shi ne babban dalilin tazarar ƙarya, kuma shi ya sa ba a yanke hukunci da zagaye ɗaya.

Zama a kan kujera mai majingina, baya a jingine, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ba a harɗe ba. Ba a kan tabarma ba, ba a bakin gado ba. Hannu a kan tebur, tafin yana kallon sama, tsakiyar dantse daidai da tsakiyar ƙirji. Tsayin nan yana da tasiri fiye da yadda ake zato: duk santimita 10 da dantse ya yi ƙasa da zuciya yana ƙara kusan 7 ko 8 a kan lambar. A kemis da yawa teburin yana gefe ɗaya na kujera. Hannun da ke kusa da tebur sai ya hau tebur, ɗayan kuma a bar shi a kan cinya ko yana lilo. Tazarar 10 tana iya fitowa daga wannan kaɗai. Gyaran shi ne a juya kujerar, ko a zauna ana fuskantar tebur yadda hannu biyu za su hau shi a tsayi ɗaya.

Sai maɗaurin, wato abin da ake naɗawa a dantse yana cika da iska. A ɗauko tef ɗin tela a auna kaurin dantse a tsakiya, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, a kowane hannu. Maɗaurin da ke zuwa da yawancin na'urori na dantse mai santimita 22 zuwa 32 ne, babba kuma 32 zuwa 42, kuma ana rubuta wannan a jikinsa. Ƙaramin maɗauri a babban dantse yana ba da lamba fiye da gaskiya. Mahauci ko ɗan dako a kasuwar Mile 12 wanda dantsensa na dama ya fi na hagu kauri, dama ta tsallake 32 hagu ba ta kai ba, zai iya ganin tazarar da maɗauri ne ya ƙirƙire ta.

A ɗaura a kan fata, gefensa na ƙasa yatsa biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu, robar iskar tana bin cikin hannu. Matsewar ta zama yadda yatsa biyu za su shiga da ɗan ƙyar. Kada a nannaɗe hannun kaftani ko na doguwar riga har ya shaƙe saman dantse, gara a zare hannun daga rigar gaba ɗaya. Mace ta yi awon a inda za ta iya sakewa, ba a gaban kanti ba inda za a ɗaura mata a kan hijabi da rigar ciki. Na'urar wuyan hannu ba ta dace da wannan aikin ba sam, domin ɗan karkata hannu yana sauya lambarta.

Yadda ake zagayen

Hanyar da ta fi kowace ita ce a auna hannu biyu lokaci guda, da na'ura mai maɗauri biyu ko na'urori biyu iri ɗaya. Ba kowa ke da wannan ba. Da na'ura guda ana yin zagaye uku ana sauya hannun farawa.

Zagaye na farko: dama, a jira minti ɗaya, sannan hagu. Na biyu: a fara da hagu, minti ɗaya, sannan dama. Na uku: dama, sannan hagu. A rubuta kowace lamba nan take, da harafin hannun a gefenta. Ma'ajiyar na'ura ba ta san hannun da aka auna ba, in aka dogara da ita sai lambobin su cakuɗe. Ba magana lokacin da maɗauri ke cika, kuma mai taimakawa kada ya riƙa faɗin lambar da ƙarfi, domin jin "ɗari da sittin" kaɗai yana ɗaga na gaba.

Abin da ake nema shi ne tsayuwa. Tazarar gaskiya tana bin hannu ɗaya, ko da wanne aka fara. Ta ƙarya tana bin wanda aka fara aunawa, ko ta narke a zagaye na biyu.

Ga yadda ta ƙarya take kama. Dama 150, hagu 137, tazara 13. Aka juya: hagu 136, dama 138, tazara 2. Na uku: dama 135, hagu 133. Wannan mutum bai huta ba ne a farko. Hannayensa lafiya lau.

In na'urar tana nuna alamar bugun zuciya marar tsari, wadda a yawancinsu hoton zuciya ne mai karkarwa, ko kuma lambobin hannu ɗaya suna tsalle 15 ko 20 tsakaninsu, to lissafin gida ba zai yi aiki ba. Zuciyar da bugunta ba ya bin tsari tana rikita na'urar mai aiki da kanta. Sai ma'aikacin lafiya ya auna da ta hannu da abin sauraro, kuma shi kansa rashin tsarin bugun abin dubawa ne.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki dattijo mai shekara 58, dillalin shanu a mayankar Oko-Oba da ke Agege, yana da ciwon suga, ya sha taba shekaru da yawa kafin ya bari. Yana shan maganin hawan jini guda ɗaya. Kullum hagu yake aunawa, domin da dama ya fi iya ɗaura maɗaurin, kuma yana ganin 130 da 'yan kai, yana cewa Alhamdu lillahi jini ya zauna. Ɗansa ya yi masa zagaye uku yadda aka bayyana:

Na farko, dama 158/92, hagu 134/84.
Na biyu, hagu 132/84, dama 152/90.
Na uku, dama 154/90, hagu 130/82.

Tazarar ita ce 24, sai 20, sai 24. Matsakaicin dama kusan 155, na hagu 132, tsakani kusan 23. Ko da aka fara da hagu, dama ce a sama. An maimaita washegari da safe kafin karin kumallo, aka samu kusan haka. Wannan tazara ce ta gaskiya.

Abu na farko da wannan ke nufi, kuma shi ya fi saurin cutarwa, shi ne hawan jinin dattijon 155 ne, ba 132 ba. Hannun da ya fi yawa shi ke faɗin gaskiyar ƙarfin da jini ke dukan zuciya da ƙoda da ƙwaƙwalwa da shi. Ƙunci a jijiya yana rage lambar hannun da ke bayansa, amma ba abin da ke ƙara wa ɗayan hannun lamba ta ƙarya in awon ya yi daidai. Kamar tiyo biyu ne daga tanki guda, an taka ɗaya: wanda ba a taka ba shi ke nuna ƙarfin ruwan tankin. Ke nan shekara da shekaru ana daidaita masa magani da lambar hannun da aka taka.

Daga ranar, dama zai riƙa aunawa, kuma ya sa a rubuta a katinsa na asibiti, ya kuma faɗa wa duk nas ɗin da ta zo ɗaura masa: "A dama ake auna ni." Kada ya ƙara wa kansa ƙwaya don ya ga 155. Ya kai takardar ga likitan da ke ba shi magani cikin mako ɗaya ko biyu.

Abin da ke jawo ta

A mai shekaru irin na dattijon nan, abin da aka fi samu shi ne ƙunci a jijiyar da ke bi ƙarƙashin ƙashin da ya tashi daga gindin wuya zuwa kafaɗa, wadda ita ke ciyar da hannu gaba ɗaya. Kitse da tauri suna taruwa a bangonta a hankali, hanya ta matse. An fi samunsa a hagu. Masu jawo shi su ne dai waɗanda aka sani: taba, ciwon suga, yawan kitse a jini, hawan jinin kansa, ciwon ƙoda, da tsufa.

Sau da yawa hannun ba ya ciwo ko kaɗan, domin jini yana samun ƙananan hanyoyin zagaye. In akwai alama, ita ce hannun ya riƙa saurin gajiya ko ɗaurewa in ana aiki da shi, musamman aikin ɗaga hannu sama kamar shanya ko ɗora kaya, ya fi ɗayan sanyi, ko bugun wuyan hannunsa ya yi rauni. Ana iya gwada wannan a gida: a ɗora yatsa uku a wuyan kowane hannu ta gefen babban yatsa, lokaci guda, a ji ko ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi ko yana makara.

Akwai wata alama da ya kamata a sani. Jijiyar da ke hawa bayan wuya zuwa ƙwaƙwalwa daga wannan jijiyar hannun take reshe. In ƙuncin yana kafin reshen, hannu yana iya jawo jini daga waccan hanya, jinin ya juyo ƙasa maimakon ya hau. Sai mutum ya ji jiri, ko ido ya yi dishi-dishi, ko ya ga abu biyu-biyu, daidai lokacin da yake aiki da wannan hannun. Mai wanki ko mai daka da ke jin jiri in ta yi ta aiki da hannu ɗaya, kuma awon wannan hannun ya yi ƙasa, ta faɗa wa likita abubuwan biyu tare, kada ta raba su.

Amma abin da ya sa likitoci ke ɗaukar tazarar da muhimmanci ya wuce hannun. Jijiyar da ta taru da kitse a kafaɗa da wuya a ce ita kaɗai ce. Alama ce cewa na zuciya da na wuya da na ƙafa suna iya kasancewa cikin hali ɗaya. Dattijon da ke cewa sha-raɓarsa tana ɗaurewa in ya yi tafiya daga gida zuwa masallaci, ta saki in ya tsaya, cutar guda ce ta bayyana a wuri biyu.

A matashi lissafin daban ne. Mace 'yar ƙasa da shekara 40 da ke da babbar tazara, ko na'ura ta kasa samun bugu a hannu ɗaya, tare da zazzaɓi-zazzaɓi, kasala, rama da ciwon gaɓoɓi, ana tunanin kumburin manyan jijiyoyi da ake kira cutar Takayasu. Ba ta da yawa, amma alamunta na farko sun yi kama da abin da ake ta sha wa maganin maleriya da taifot a banza. Yaro ko saurayi mai hawan jini kuwa ana duba ko an haife shi da matsewa a babbar jijiyar da ta fito daga zuciya. A wannan an fi ganin bambancin tsakanin hannu da ƙafa, don haka likita zai auna ƙafa ma. Wasu kuma ƙarin haƙarƙari ne a gindin wuya ko tsoka ke danne jijiyar, ko tsohon rauni a kafaɗa, kamar karayar haɗarin babur.

Lokacin da ba a jira

Duk abin da aka faɗa a sama na mutumin da ke zaune lafiya ne, ya gano tazarar ba tare da ciwo ba. In tazarar ta zo tare da ciwon ƙirji ko na baya mai tsanani wanda ya faɗo farat ɗaya, kamar ana yaga abu a ciki, yana ratsawa tsakanin kafaɗu, wannan yana iya zama tsagewar bangon babbar jijiyar zuciya. Tana iya kisa cikin sa'o'i. Haka in hannu ya yi sanyi ƙalau nan take, ya yi fari ko ya dushe, yana zafi ko ya mutu, bugu ya ɓace: gudan jini ne ya toshe hanya, kuma sa'o'i kaɗan ake da su kafin a rasa hannun. Haka in baki ya karkace, magana ta sarƙe, ɓarin jiki ya saki, ko mutum ya suma.

A waɗannan ba zagaye uku, ba jiran gobe, ba tsayawa a kemis. A kira 112 ko 767, lambobin gaggawa na Jihar Legas, ko a ɗauki mara lafiya kai tsaye zuwa sashen gaggawa na babban asibiti. Wanda ke Idi-Araba ko Mushin, asibitin koyarwa na LUTH yana kusa da shi. Na Agege da kewaye, asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja. Kada ya tuƙa kansa. Kuma a ciwon ƙirji mai kama da yagewa kada a ba shi asfirin da sunan taimako, domin in tsagewa ce yana ƙara zubar jini. Da isa a faɗa wa wanda ya karɓe ku lambobin hannu biyun. Rashin tazara kuma ba ya wanke mutum daga wannan cuta, da yawa masu ita hannayensu daidai suke, ciwon shi ne abin bi.

Abin da za a yi a asibiti

A koma ga dattijon. Likita zai sake awon da kansa, ya taɓa bugu a wuyan hannu biyu da wuya da ƙafa, ya ɗora abin sauraro a saman ƙashin kafaɗa da gefen wuya yana neman wani huci da jini ke yi in yana ratsa matsattsen wuri. Zai iya auna jinin idon sawu ya gwada da na hannu. Sai gwajin jini na suga da kitse da aikin ƙoda, da gwajin bugun zuciya na takarda. Hoton farko yawanci sikanin jijiya ne, irin na'urar da ake duba ciki da ita amma tana nuna gudun jini da inda ya dosa. Ba allura, ba zafi. In ya nuna ƙunci sosai, ko ana tunanin gyara, sai a tura shi babban hoto da ake zuba ruwan rini a jijiya, kuma kafin wannan dole a san halin ƙodarsa.

Yawancin masu ƙuncin da ba ya ba su alama ba a yi musu aiki. Maganinsu shi ne a sauke hawan jini bisa lambar hannun da ya fi, a ba da maganin rage kitsen jini, a riƙe suga, a bar taba kwata-kwata, wani lokaci a ƙara maganin hana jini daskarewa in likita ya ga ya dace. Buɗe jijiyar da ɗan balan-balan da sa mata ɗan bututun ƙarfe, ko yi mata hanyar zagaye, na wanda hannun ke hana shi aiki ne, ko mai jirin nan, ko wanda za a yi wa aikin zuciya da ke buƙatar reshen wannan jijiyar. Tazarar kanta ba ta ɓacewa da ƙwaya, don haka kada ya zata magani bai yi ba don ya ga hagu tana ƙasa har yanzu. Dama yake kallo.

Waɗanda ba za su yi wannan gwajin ba

Mai wankin ƙoda da aka haɗa masa jijiya a hannu, ba a ɗaura maɗauri a wannan hannun ko sau ɗaya, matsewar tana iya kashe haɗin. Matar da aka cire wa nono tare da kaluluwar hammata, musamman in hannun ya kumbura, a bar wannan gefen sai da izinin likitanta. Haka hannun da ke da ƙarin ruwa a jiki, ko sabon rauni, ko karaya. Hannun da ya shanye bayan bugun jini yana iya ba da lamba daban saboda tsokarsa ta saki ko ta ƙage, don haka a auna mai lafiyar, a bar kwatancen ga asibiti.

Wanda ya yi zagaye uku ya ga tazararsa ba ta kai 10 ba, ba sai ya riƙa auna hannu biyu kullum ba. Ya zaɓi wanda ya ɗan fi, ya tsaya a kansa, ya sake gwada biyun sau ɗaya a shekara, ko in ya sayi sabuwar na'ura.